Komawa ga matsakaici: abin da ya sa zakaran jarrabawa kan sauko a karo na gaba

Duk shekara idan Hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu, akan samu ɗalibai ƙalilan da sunayensu ke cika kafafen watsa labarai. Makarantarsu ta buga hotunansu a allon talla, ɗan majalisa ya yi alƙawarin ɗaukar nauyin karatunsu, wani lokaci har gwamna ya gayyace su fadar gwamnati. Bayan 'yan watanni su zauna wata jarrabawar, makin ya fito ƙasa da na farko, sai tsegumi ya tashi. Wasu su ce yabo ne ya sa yaron ya saki jiki, wasu su ce baki ne ya kama shi, wasu kuma su yi zargin cewa tun asali satar amsa aka yi masa. Kowanne daga cikin waɗannan na iya faruwa da wani ɗalibi. Sai dai akwai wani dalili da ke aiki ko da babu ko ɗaya daga cikinsu, wanda masana ƙididdiga suke kira komawa ga matsakaici.

Ma'anarsa a taƙaice ita ce: idan aka zaɓi mutane saboda sun yi fice ƙwarai a awo ɗaya, ko ta sama ko ta ƙasa, to idan aka sake auna su, yawancinsu za su matso kusa da matsakaicin jama'a fiye da yadda suke a awon farko. Sharaɗin kawai shi ne a ce awon bai cika daidai ɗari bisa ɗari ba, wato akwai wani kaso na dace a cikinsa. Jarrabawa kuwa, kowace iri ce, ta cika wannan sharaɗi.

Daga ina fahimtar ta samo asali

Wanda ya fara bayyana wannan al'amari a rubuce shi ne Francis Galton, wani masani ɗan Birtaniya. A wata maƙala da ya wallafa a 1886, ya kwatanta tsawon mutane 928 da tsawon iyayensu. Ya gano cewa iyaye dogaye suna haifar 'ya'ya dogaye, amma a jimlace 'ya'yan ba su kai iyayen tsawo ba. Iyaye gajeru kuma suna haifar gajeru, amma 'ya'yan sun ɗan fi su tsawo. A lissafinsa, 'ya'ya suna riƙe kusan kashi biyu cikin uku na tazarar da ke tsakanin iyayensu da matsakaicin jama'a. Idan iyaye sun ɗara matsakaici da inci uku, 'ya'yansu kan ɗara shi da kusan inci biyu.

Da farko ana iya zaton wani ƙarfi ne a cikin gado yake jawo zuriya zuwa tsakiya. Amma Galton ya lura cewa abin yana aiki ta baya ma: idan aka fara da 'ya'ya mafiya tsawo aka duba iyayensu, sai a tarar iyayen ne suka fi kusa da matsakaici. Tun da ɗa ba ya iya rage tsawon mahaifinsa, ya tabbata cewa lamarin ya fito ne daga yadda aka yi zaɓen waɗanda za a auna. Wannan batu shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Abubuwa biyu da ke cikin kowane maki

Makin da ɗalibi ya samu a rana ɗaya haɗin abubuwa biyu ne. Na farko shi ne abin da ya sani da gaske, wanda ba ya canjawa tsakanin Litinin da Laraba. Na biyu shi ne abin da ya dace da shi a wannan ranar: ko tambayoyin sun faɗo a babin da ya maimaita daren jiya, ko ya yi barci sosai, ko zazzaɓi bai taɓa shi ba, ko na'urar da aka ba shi ba ta tsaya ba, ko amsoshin da ya canka sun yi daidai.

Jarrabawar UTME ta nuna girman wannan kaso na biyu. Ɗalibi yana amsa tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu, 60 a Turanci da 40 a kowanne daga cikin sauran darussa uku, jimillar maki kuma 400 ne. Kowace tambaya tana da zaɓi huɗu. Ɗauka cewa ɗalibai biyu, masu ilimi iri ɗaya, kowannensu ya ci karo da tambayoyi 40 da bai san amsarsu ba, ya cika su da canka. A ƙa'idar lissafi, abin da aka fi tsammani shi ne kowannensu ya dace da kusan 10. Amma ba abin mamaki ba ne ɗaya ya dace da 15, ɗayan ya tsaya a 5. Idan muka ƙaddara cewa kowace tambaya tana ɗauke da maki biyu da rabi, tazarar maki 25 ke nan ta shiga tsakanin mutum biyu da ilminsu bai bambanta ba.

Ilimi yana bin ɗalibi zuwa ɗakin jarrabawa ta gaba. Sa'ar ranar farko kuwa a can take tsayawa, domin ba kullum ake kwana a gado ba. Wanda ya fito a sahun farko cikin mutum dubbai, galibi ya haɗa abubuwan biyu ne a lokaci guda: yana da ilimi, kuma ranar ta yi masa kyau. A karo na biyu, ilimin yana nan, ranar kuma za ta iya zama kowace iri.

Misali da alƙaluma

Ga wani misali na ƙirƙira, domin a ga yadda abin yake tafiya. Ɗauka cewa a wata ƙaramar hukuma ɗalibai 1,000 ne suka zauna jarrabawa mai maki 400. A cikinsu akwai 40 da ainihin ƙarfinsu ya kai maki 300, akwai 200 da ƙarfinsu yake kan 270, sauran 760 kuma ba su wuce 240 ba. Mu sauƙaƙa sa'a zuwa kashi uku: a kowace jarrabawa, ɗalibi ɗaya cikin huɗu yana samun rana mai kyau da ke ƙara masa maki 30, biyu cikin huɗu suna samun daidai ƙarfinsu, ɗaya cikin huɗu kuma yana rasa maki 30.

Shugaban ƙaramar hukuma ya sanar da kyauta ga duk wanda ya samu 300 ko fiye. Su wa za su ci kyautar? Daga cikin 40 na farko, 10 sun samu 330, 20 sun samu 300, 10 kuma sun faɗo 270, don haka 30 ne suka haye. Daga cikin 200 na biyu, 50 sun dace da rana mai kyau, suka kai 300 cif. Daga cikin sauran 760 babu wanda ya kai, domin ko da sa'a iyakarsu 270. Jimillar masu kyauta 80 ke nan, matsakaicin makinsu kuma kusan 304.

A lura da abin da ya faru. Cikin mutum 80 da aka kira zakaru, 50 ainihin ƙarfinsu 270 ne. Sun fi yawa a sahun ne saboda tun asali rukuninsu ya fi yawa, don haka masu sa'a a cikinsu ma sun fi yawa. Babu wanda ya yi maguɗi, kuma babu hanyar da za a bambance su da sauran ta duban takardar sakamako kawai.

Yanzu a sake yi wa waɗannan 80 jarrabawa mai nauyi iri ɗaya. Sa'a za ta sake rabuwa daga farko, wasu ta ƙara musu, wasu ta rage, a jimlace ta tashi babu. Abin da zai rage shi ne ainihin ƙarfi: mutum 30 a kan 300, mutum 50 a kan 270. Matsakaicinsu zai zama kusan 281. An samu faɗuwar maki fiye da 20, kuma kusan 35 ne kawai cikin 80 za su sake kai 300. Babu wanda ya daina karatu, babu malamin da ya yi sakaci.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe daga wannan misali. Na farko, idan dukkan ɗalibai 1,000 suka sake zama, adadin masu 300 zai ci gaba da zama kusan 80, domin wasu 45 da ba su haye a karon farko ba za su maye gurbin waɗanda suka sauko. Ƙaramar hukumar ba ta yi asarar hazikai ba, sunaye ne suka canja. Na biyu, maki 281 har yanzu ya yi wa matsakaicin sauran ɗalibai nisa ƙwarai. Zakarun jiya sun matso kusa da tsakiya, amma ba su koma tsakiyar ba. Duk mai neman ɗalibai masu ƙoƙari, har yanzu cikin waɗannan 80 ya fi dacewa ya fara dubawa.

Nawa za a sauko

Girman saukowar ya dogara ne da yadda jarrabawa biyun suke tafiya tare. Masana ƙididdiga suna auna wannan da wani adadi da suke yi wa alama da harafin r. Idan r ya kai 1, duk wanda ya zo na ɗaya a farko shi ne na ɗaya a ta biyu, kuma babu komawa ko kaɗan. Idan r sifili ne, sakamakon farko ba ya faɗin komai game da na biyu, kamar dai an jefa ƙuri'a. Jarrabawa ta gaskiya tana faɗawa tsakanin biyun. Idan jarrabawa biyun suna da ma'auni ɗaya, kuma makinsu ya bazu iri ɗaya, ana yin hasashe kamar haka:

```
hasashe = matsakaici + r × (makin farko − matsakaici)
```

Ɗauka cewa matsakaici 200 ne, r kuma 0.7. Ɗalibar da ta samu 320 ta ɗara matsakaici da 120. Kashi bakwai cikin goma na 120 shi ne 84, don haka makin da aka fi tsammani daga gare ta a karo na biyu shi ne 284. Ɗalibin da ya samu 120 kuma yana ƙasa da matsakaici da 80, don haka ana tsammanin ya tashi zuwa 144. Wanda ya samu 210 kuwa, hasashensa 207 ne, da kyar za a lura da bambancin. Ma'ana, gwargwadon nisan maki daga tsakiya, gwargwadon girman komawarsa.

Duk wanda ya samu jerin makin ɗalibai a jarrabawa biyu zai iya fitar da r da kansa. Idan makin farko yana layin A, na biyu yana layin B a manhajar Excel, ga abin da za a rubuta don ɗalibai 500:

```
=CORREL(A2:A501,B2:B501)
```

Sharaɗi shi ne a saka dukkan ɗaliban, na sama da na ƙasa. Idan aka ɗauki zakaru kaɗai, adadin da zai fito ba zai nuna gaskiyar dangantakar ba. Haka nan, idan jarrabawar ta biyu ta bambanta da ta farko a tsari, kamar jarrabawar tantancewa da jami'o'i suke yi wa masu neman gurbi, ko sakamakon shekarar farko a jami'a, r yakan yi ƙasa, komawar kuma ta ƙara girma.

Yadda yake ruɗin malamai da hukumomi

Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2002, ya ba da labarin wani darasi da ya koyar da masu horar da matuƙan jiragen yaƙi na Isra'ila. Ya gaya musu cewa yabo ya fi tsawa amfani wajen koyarwa. Sai wani daga cikinsu ya musanta, yana mai cewa duk sa'ad da ya yabi ɗalibi kan tuƙi mai kyau, tuƙin da ya biyo baya yakan yi muni, amma idan ya yi wa wanda ya ɓata tsawa, sai ya gyara. Kahneman ya gane cewa abin da mutumin ya gani gaskiya ne, fassararsa ce kuskure. Yana yabo ne bayan tuƙi mafi kyau, yana tsawa bayan mafi muni, kuma duka biyun za su matso tsakiya ko da ya yi shiru.

Wannan shi ne tarkon da malamin da ya yarda da bulala yake faɗawa. Yana dukan yaran da suka zo ƙarshe a gwajin wannan mako, mako mai zuwa yawancinsu su ɗan tashi, sai ya ɗauka bulalar ce ta yi aiki. Yana yabon na gaba, su ɗan sauko, sai ya ce yabo yana lalata yaro. Shekara da shekaru idonsa yana tabbatar masa da abin da ba haka yake ba.

A matakin gwamnati, kuskuren yana cin kuɗin jama'a. A 1990 ƙasar Chile ta ƙaddamar da wani shiri na tallafa wa makarantun firamare kusan 900, waɗanda aka zaɓa saboda ƙarancin makin ɗalibansu a jarrabawar ƙasa ta 1988. An gyara gine-gine, an raba kayan koyarwa, an horar da malamai, an kuma shirya darussan bayan tashi. Makin makarantun ya tashi, aka yi ta yabon shirin. A 2005 masana tattalin arziki uku, Kenneth Chay da Patrick McEwan da Miguel Urquiola, suka wallafa wani nazari da ya sake duba alƙaluman. Sun lura cewa makarantu da yawa sun shiga jerin ne saboda shekarar da aka yi zaɓen ta zo musu da rashin sa'a, kuma da ma za su ɗan farfaɗo. Sai suka kwatanta makarantun da ke dab da layin zaɓe ta ƙasa, waɗanda suka samu tallafi, da waɗanda ke dab da shi ta sama, waɗanda ba su samu ba. Sakamakon ya nuna cewa shirin ya yi amfani da gaske, amma amfanin bai kai yadda aka ɗauka ba.

Darasin ya shafi duk gwamnatin jihar da ta ɗauki makarantu goma mafiya faɗuwa a jarrabawar WAEC ko NECO, ta sauya shugabanninsu, sannan ta kira taron manema labarai bayan shekara guda don nuna ci gaba. Ya kuma shafi ɗan adawar da ya ɗauki makarantar da ta zo ta ɗaya bara, ya ce saukowarta bana hujja ce ta gazawar gwamnati. Dukansu biyu suna iya cin gajiyar abin da da ma zai faru.

Ƙananan makarantu sun fi shiga wannan hali. Makarantar da ke da ɗalibai 25 a ajin ƙarshe, hazikai uku ko marasa lafiya uku sun isa su ɗaga ko su kayar da matsakaicinta. A makaranta mai ɗalibai 400, sa'ar wani tana shafe rashin sa'ar wani. A ƙa'idar lissafi, idan yawan ɗalibai ya ninka sau 16, kai-komon da sa'a ke haifarwa a matsakaici yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ƙananan makarantu kan yawaita a saman jeri da kuma ƙasansa, kuma su ne suka fi saurin barin wurin.

Abin da ba ya bayyanawa

Komawa ga matsakaici magana ce a kan rukuni. Ba ta ce lallai wannan ɗaliba za ta sauko ba; a misalin da ya gabata, wasu cikin masu 300 sun tashi zuwa 330 a karo na biyu. Ba ta kuma ce wanda ya yi sa'a jiya dole ya yi rashin sa'a gobe don a rama ba. Sa'ar gobe ba ta san abin da ya faru jiya ba.

Haka nan ba ta bayyana faɗuwar da ta shafi kowa da kowa. A watan Mayun 2025, bayan ƙorafe-ƙorafe kan sakamakon UTME, Hukumar JAMB ta amince cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a cibiyoyin Legas da jihohin kudu maso gabas, ta kuma sake yi musu jarrabawar. Irin wannan matsala tana da alamarta: ta taru a wasu cibiyoyi, kuma ba ta zaɓi waɗanda suka yi fice a baya kaɗai ba. Komawa ga matsakaici kuwa tana jawo na sama ƙasa, ta tura na ƙasa sama, ta bar matsakaicin jama'a inda yake.

Batun zargin satar amsa ma haka yake. Saukowa daga 320 zuwa 285 abu ne da lissafi ya riga ya yi hasashensa, kuma rataya wa yaro laifi a kansa zalunci ne. Saukowa daga 320 zuwa 150 kuwa, wato ƙasa da matsakaici da nisa, ta wuce abin da komawa za ta bayyana, kuma ta cancanci bincike. Ko a nan ma, binciken ne zai tantance ko maguɗi ne, ko rashin lafiya, ko matsalar na'ura.

Tambayoyin da za a yi wa duk wani iƙirari

Idan jami'i ya ce shirinsa ya ɗaga sakamakon wasu ɗalibai, ko wani ya ce wasu sun lalace, tambaya ta farko ita ce yadda aka zaɓe su. Idan an zaɓe su ne saboda makinsu ya yi sama ko ƙasa ƙwarai a jarrabawa ɗaya, kuma da wannan makin ake kwatanta sabon sakamako, to wani kaso na canjin komawa ce zalla.

Ta biyu ita ce abin da ya faru da takwarorinsu da shirin bai shafa ba. Idan makarantun da suka faɗi kamar su, amma ba su samu tallafi ba, sun tashi da maki 15, waɗanda suka samu kuma suka tashi da 20, to amfanin shirin bai wuce maki 5 ba.

Ta uku ita ce ɗaya ɓangaren. Wanda ya nuna cewa na ƙasa sun tashi, a nemi ya nuna na sama. Idan sun sauko da kusan adadi ɗaya, matsakaicin jiha kuma bai motsa ba, babu abin da ya canja.

Ta huɗu ita ce tarihin shekarun baya. Makarantar da ta saba samun kashi 60 cikin ɗari na masu cin jarrabawa, ta faɗi zuwa 35 a shekara guda, sannan ta dawo 58, ta koma inda take ne kawai. Wadda ta shekara biyar a kan 35 sannan ta tashi zuwa 58 ta zauna a can shekaru uku, ita ce ke da labarin da ya cancanci a bi sawunsa, a gano abin da shugabanta da malamanta suka canja.